Ina so kwastomomina su min bidiyon kayana, me zan rubuta musu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa garin kunun gyaɗa a nan Kano ina zubawa a roba ina saidawa ta WhatsApp da Instagram, alhamdulillah ina da lambar NAFDAC. So nake kwastomomina su min 'yan bidiyoyi na gaskiya in riƙa talla da su, amma waɗanda na roƙa sai su turo suna ta "masha Allah kaya sun yi kyau" shikenan, wani ma duhu ba a ganin komai. Dan Allah me zan rubuta musu?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi ya sa albarka a kasuwa. Aikina kenan shirya talla wa masu ƙananan sana'o'i, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne saƙon da za ki rubuta gida biyu ne, ɗaya ki tsaurara ɗaya ki sassauta. Yadda za a riƙe waya, ina za a tsaya, me za a nuna, minti nawa, ta ina za a turo, wannan ki ƙayyade shi tsaf kar ki bar wa kowa zaɓi. Amma abin da mutum zai faɗa game da garin, wannan kar ki sa masa kalma ko ɗaya a baki. Yawancin masu kaya juya abin suke yi, sai su ce "ki ɗan min bidiyo ko yaya ne" sannan su ƙara da "ki ce yana da daɗi kuma baya gudaji", kinga sun saki inda ya kamata su riƙe, sun riƙe inda ya kamata su saki.

Dalilin wannan yabon da ba shi da ciki kuwa a bayyane yake. Mu mutane ne masu kara, wadda ta san ki, ta san da wannan sana'ar kike rufa wa kanki asiri, in kika ce ta yi magana a kan kayanki addu'a za ta yi miki, dan a wajenta shi ne ladabi. Kuma ita ba 'yar talla ba ce, tana kunna kyamara kanta zai ɗauke ta rasa me za ta ce, sai ta kama abin da ta saba ji a bakin masu talla. Maganinsa tambaya ce wadda ba a iya amsa ta da yabo. In kika ce "ya kika ji garin?" amsar ita ce "da daɗi wallahi". Amma in kika ce "kafin ki fara sayen wannan, yaya kike yin kunun gyaɗa a gida, kuma me ya fi ba ki wahala?" dole ta ba da labari, za ta ce sai ta soya gyaɗa ta murje ta kai inji ta tace, ranar da babu wuta ko mai injin bai buɗe ba an fasa kunun. Wannan maganar ita ce take saida kaya, saboda mai kallo ita ma ta san wannan wahalar a jikinta. Tambayoyi huɗu sun isa, in suka wuce haka sai bidiyon ya koma kamar ana mata jarrabawa. Kuma lallai ɗaya daga ciki ta zama ƙofar faɗin aibi, ki tsara ta yadda ba za ta ji kunya ba. Kar ki ce "akwai abin da bai miki ba?" dan "babu komai" za ta ce. Ki ce "da ke ce mai kamfanin, wane abu ɗaya za ki gyara?", a nan kin maida ita mai ba da shawara ba mai kushe ba, za ki ji ta ce murfin robar baya rufuwa sosai in an buɗe sau biyu uku, ko ta ce da ana yin ƙaramar roba ta mai ƙaramin ƙarfi.

Sai abin da za a nuna. Kayanki kin yi sa'a, abu ne da ido yake iya tabbatarwa, ba kamar mai turaren wuta ba da sai dai a yarda da bakin mai magana. Mai son saye abin da take tsoro guda uku ne, gudaji, kauri, da kuma ko robar tana auki. Toh ki rubuta musu a jere abin da kike so kyamara ta gani: robar a hannu ana ganin suna, cokali nawa ta ɗiba, damawa da ruwan sanyi, zubawa a ruwan da ke tafasa tana juyawa, sai ɗaga ludayi a ga kaurinsa yana zuba. Wajen zubawar nan ki ce kar ta yanke bidiyon, ta bar shi ya tafi a jere, dan nan ne mai shakka take zuba ido ta ga ko zai yi gudaji, in aka yanke a daidai nan za ta ce an ɓoye wani abu. Ki kuma gaya musu ƙarara kar su gyara kicin dominki, tukunyar da suke girki da ita kullum, risho ne ko gas ne ko gawayi, a nan za a yi. Wasu suna zuwa gidan 'yar'uwa mai kicin na zamani su ɗauka, sai bidiyon ya fito tsaf amma wadda kike so ta saya ta ga ai wannan ba irin gidanta ba ne.

Maganar waya kuma gajeruwa ce amma sai an rubuta dan ba kowa ya sani ba. Waya a tsaye ba a kwance ba, saboda status da reels da TikTok duk a tsaye suke, 9:16. A goge gilashin kyamara da bakin mayafi kafin a fara, rabin hazon da kike gani a bidiyon mutane maiƙon hannu ne kawai. Da kyamarar baya za a ɗauka, a jingina wayar ko wani ya riƙe, dan ta gaba a wayoyi da yawa tana juya hoto rubutun robarki ya fito a baibai. Haske ya zama a gaban mai magana, wato ta fuskanci taga ko ƙofa, in tagar tana bayanta sai dai inuwa kawai za ki gani. Da rana za a yi, a kashe fanka da talabijin, in janareton maƙwabta yana aiki a jira. A kashe filta da abin gyaran fuska, wayoyin Tecno da Infinix da itel da yawa suna da shi a kyamara, yana goge fuska yana sauya kalar abu, kunun sai ya fito da wani farin da ba nasa ba. Kar a sa waƙa ko kaɗan, ko a bango, saboda waƙar mai haƙƙi tana iya jawo Instagram ko Facebook su kashe sautin bidiyon gaba ɗaya ko su hana ki yin tallan kuɗi da shi, kuma in waƙar ta haɗe da muryarta ba ki da yadda za ki raba su. Abu na ƙarshe wanda ya fi kashe bidiyo mai kyau shi ne turowa. In ta turo ta WhatsApp yadda ake tura bidiyon biki, WhatsApp zai matse shi, ke kuma in kin ɗora a Instagram a sake matsewa, ya fito duk ya dagargaje. Ki ce ta danna alamar haɗa fayil ta zaɓi Document ta turo shi ta nan, zai zo yadda aka ɗauke shi. Sai dai fa bidiyon minti ɗaya a 1080p yakan kai wajen 100MB, dan haka ki tura mata data tun kafin ta fara, kar ki bari ta ƙona nata.

Yanzu maganar biya, kuma a nan ne gaskiyar bidiyon take rayuwa ko ta mutu. Ki biya, dan aiki ne, za ta ɓata awa guda tana maimaitawa. Amma ladan ɗauka za ki biya ba ladan yabo ba, kuma ki rubuta hakan ɓaro-ɓaro: duk wadda ta turo bidiyon da ya cika ƙa'idar ɗauka za ta samu abu iri ɗaya, ko ta yaba ko ta kushe, ko an ɗora nata ko ba a ɗora ba. Kar ki yi gasa irin ta "wadda tata ta fi kyau za ta ci dubu ashirin", ranar da kika yi haka kowa zai shiga rige-rigen zuzutawa, har ki ji wata tana cewa tunda ta fara sha ciwon bayanta ya tafi. Ni na fi son a ba da kuɗi kaɗan da data, maimakon a ce sai roba kyauta kawai, saboda kyautar kaya tana ɗaure harshe, mutum yana jin nauyin ya ci naki kuma ya faɗi aibinsa. Sannan ki zaɓi waɗanda suka saya da kuɗinsu aƙalla sau biyu, ki duba littafin odarki za ki gan su, ba ƙannenki da ƙawayenki ba, kuma ba wadda jiya ta fara buɗe robar ba. Kuma ki nemi mutane fiye da adadin da kike buƙata, in shida kike so ki tura wa kamar goma sha biyar, wasu za su ce toh su yi shiru, wasu maigida ba zai yarda ba. Kowacce ki tura mata ita kaɗai da sunanta, kar ki watsa a guruf, saƙon guruf kowa gani yake da wani ake.

Tunda kin biya, dole mai kallo ya sani. Jimla ɗaya ce a farkon bidiyo, "da kuɗina nake saya, amma sun biya ni ladan ɗaukar wannan bidiyon", wannan ita kaɗai ce maganar da na yarda ki rubuta musu su faɗa. In a shafinta za ta ɗora, Instagram yana da alamar Paid partnership, TikTok ma yana da wajen kunna bayanin cewa abun talla ne. Masu kaya suna jin tsoron wannan jimlar wai za ta rage darajar bidiyon, ni kuma abin da nake gani shi ne mutane sun riga sun ɗauka duk wanda ya riƙe kaya a kyamara biyansa aka yi, toh wadda ta faɗa da bakinta sannan ta kawo aibi ɗaya ita ake saurara har ƙarshe.

Akwai kuma abin da za ki hana faɗa, kuma hanawar ba ta saɓa wa gaskiya ba. Kunun gyaɗa a ƙasar Hausa an san shi da mai jego, dan haka ki sa rai wata za ta ce yana kawo ruwan nono, wata ta ce yana sa ƙiba, wata ta ce ya mata maganin olsa ko ya dace da mai ciwon suga. Ko da ita ta yarda da hakan har zuciyarta, da zarar kin ɗauki bidiyon kin ɗora a shafinki maganar ta zama taki, kin yi iƙirarin magani a kan abin da aka yi wa rajista a matsayin abinci, kuma NAFDAC ba ta yarda da wannan ba. Ki sani ma lambar rajista daban, izinin talla daban, NAFDAC tana so a kai mata tallan kayan da take kula da su ta amince kafin a sake shi. Haka hukumar kula da talla ta ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ta ce tallan soshiyal midiya ma yana cikin waɗanda ake tantancewa kafin a fitar. Dan haka kafin ki zuba kuɗi ki tura bidiyon a matsayin talla, ki je ofishinsu ki ji me ake buƙata. A saƙon dai ki rubuta a fili: ba maganar lafiya ko magani, ba maganar ba jariri, ba kiran sunan kayan wani a kushe. Ta faɗi ɗanɗano, kauri, sauƙin damawa, kwana nawa robar take mata, wannan duk nata ne ta gani da idonta.

Sai izini, wanda shi ne mutanenmu suka fi wasa da shi har ya zama rigima tsakanin mutanen da da suna mutunci. Bidiyon da ta ɗauka da wayarta kar ki ɗauka biyan da kika yi ya maida shi naki haka kawai. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce miƙa haƙƙi gaba ɗaya ko ba wa mutum ɗaya tak izini sai a rubuce. Ke ba ma sai kin mallake shi ba, izinin amfani kawai kike nema, amma ki fayyace abu uku: a ina, har yaushe, kuma da tallan kuɗi ko babu. Wannan na ukun yana da muhimmanci sosai, dan mace za ta yarda a sa ta a status ɗinki tana tunanin kwastomominki ne kawai za su gani, sai ga shi kin biya Facebook bidiyon ya faɗo a wayar yayan mijinta a Kaduna, daga nan sai kira. Ki ba ta zaɓi tun farko, da fuska ko hannu da murya kawai, kuma kuɗin ɗaya ne. Ga kayan girki ma bidiyon hannu da tukunya yakan fi, dan idon mai kallo yana kan kunun. Matar aure ki ce ta yi shawara da maigida kafin ta ɗauka, ba bayan kin ɗora ba. Yara kuma ki ce kar su fito kwata-kwata, dokar kare bayanan mutane ta 2023 tana buƙatar yardar iyaye a kan wanda bai kai 18 ba, kuma ko da yardar ni ban ga ribar da ta kai a bar fuskar yaro tana yawo da yunifom ɗin makarantarsa ba.

Ga yadda zan rubuta in ni ce ke, ki sauya kuɗin da ranar daidai ƙarfinki:

"Salam Maman wane, ya gida ya yara. Na ga kin daɗe kina sayen garin kununmu, shi ya sa nake neman alfarma ki ɗaukar min bidiyo na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi kina dama shi yadda kika saba, a kicin ɗinki, ba sai kin gyara komai ba. Gaskiyar abin da kika gani nake so, ba yabo ba. Zan tura miki data 2GB yanzu, da naira 5,000 in kin turo, kuma kuɗin ɗaya ne ko kin yaba ko kin faɗi aibi.

Ki fara da cewa da kuɗinki kike saya amma mun biya ki ladan ɗauka. Sai ki nuna robar, cokali nawa kika ɗiba, damawa, da zubawa a tukunya ba tare da kin yanke ba, ki ɗaga ludayi a ga kauri. Kina yi kina amsa waɗannan da kalmominki: Da can yaya kike yin kunun gyaɗa, me ya fi ba ki wahala? Me kika ji tsoro kafin ki fara sayen wannan? Roba ɗaya kwana nawa take miki, ku nawa ne a gidan? Da ke ce mai kamfanin me za ki gyara?

Waya a tsaye, kyamarar baya, da rana kina fuskantar taga, ba filta, ba waƙa, a kashe fanka. Fuska in kina so, in ba kya so hannu da murya sun isa. Kar yara su fito. Dan Allah ban da maganar magani ko lafiya, ban da sunan kayan wasu. Ki turo ta WhatsApp a Document kafin daren Lahadi.

Zan yi amfani da shi a status, Instagram da Facebook, har da tallan kuɗi da baƙi za su gani, na tsawon wata shida. Zan iya rage tsawonsa in sa rubutu a ƙasa amma ba zan sauya ma'anar maganarki ba, kuma zan nuna miki kafin in ɗora. Duk ranar da kika ce a cire zan cire daga shafukana cikin kwana biyu. In kin amince ki rubuto min 'na amince'."

Ki lura bai wuce abin da za a karanta a waya a tashi ɗaya ba. Wadda karatu yake mata nauyi ki bi ta da bois not ki karanta mata shi da bakinki, amma rubutun ya tsaya, kuma amsar "na amince" ɗin ki yi mata sikirinshot ki ajiye tare da bidiyon a waje ɗaya. Kar ki tura musu bidiyon wata a matsayin misali, na ga yadda hakan yake ƙarewa, duk za su kwaikwaye ta har da inda ta yi dariya. In dole sai misali, ki tura hoton yadda ake jingina waya kusa da tukunya kawai.

In bidiyoyin suka fara shigowa, ga yadda za ki gane saƙon ya yi aiki ko bai yi ba. In kika ji mutum uku sun yi amfani da jimla iri ɗaya, ki koma ki duba saƙonki ko hirarku, za ki tarar ke kika furta ta suka ɗauka. In idonta yana ta komawa gefe guda kuma muryar ta zama ta karatu, ta rubuta ne tana dubawa, sai ki kira ta a waya ki yi mata tambayoyin da baki ku ɗan yi hira, sannan ki ce ta sake ɗauka yadda ta gaya miki yanzu. Mai kyau za ki ji akwai adadi da lokaci da mutane a ciki, cokali huɗu, da asuba kafin yara su tafi makaranta, surukata ce ta fara cewa tsamiyar ta yi yawa. Sake ɗauka sau ɗaya kawai za ki nema, kuma a kan haske ko sauti ko karanto rubutu ko maganar magani, ba wai dan ba ta yaba yadda kike so ba.

Wajen yanka kuma ki riƙe alƙawarin da kika rubuta. In ta ce "yana da daɗi amma in ba ki juya da sauri ba yana kama ƙasan tukunya", ba daidai ba ne ki datse daga "amma", wannan sa mata magana ne a baki ta bayan gida, kuma ita za ta gani ta san abin da ta faɗa. Ki bar shi, sai ki rubuta a ƙasa cewa a rage wuta kafin a zuba. Wadda tata ta zo kushe ce zalla ba dole ki ɗora ba, ba wanda ya ce ki yi wa kanki talla da shi, amma ki biya ta cif a ranar kamar kowa, ki tambaye ta ranar da ta sayi robar da lambar da ke jikinta. In ta ce garin ya fara warin tsohon mai kafin wata ya cika, gyaɗa mai ce da ita kuma zafi da iska suna lalata shi, toh ki ɗauko ragowar wannan haɗin ki shinshina, ki duba murfin da inda ake ajiye robobin kafin ki ƙara tura wa kowa daga cikinsa.